Dabarar wili ta maƙale min a dala 17, in sayar da kol a 19 ko in jira?

Nura_Hotoro:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a kasuwar hannun jarin Amurka. Tun farkon shekara nake juya dabarar wili a kan wani kamfani da hannun jarinsa ke yawo tsakanin dala 26 da 28. Ina sayar da fut a kan dala 25, wato alkawarin zan sayi hannun jari 100 a wannan farashin in mai su ya so, dillali ya riƙe min dala 2,500, wata ya ƙare fut ɗin ya mutu, in ci firimiyam, wato kuɗin da aka biya ni kan alkawarin, in sake. Jimillar abin da na tara dala 210 ne. A watan da ya wuce kamfanin ya fitar da rahoton ribarsa, washegari farashi ya buɗe a 18, yanzu yana 17. An ɗora min hannun jari 100 a kan dala 25.

A ƙa'ida yanzu kol ya kamata in sayar, wato alkawarin zan sayar da kayan a farashi kaza in mai saye ya so. To kol na dala 25 senti 5 ake tayawa, dala 5 ke nan a wata. Na dala 19 kuma senti 45 ne, dala 45. In sayar da na 19 in riƙa rage asara, ko in zauna da kayan har su dawo?

Sagiru_FamSenta:
Wa'alaikumus salam. Kai dai sa sitof-los kawai, gobe ka shiga da ƙaramin lot. Ni ma gwal ya taɓa yi min irin wannan.

Nura_Hotoro:
Sagiru ba fores ba ne. Hannun jari ne na gaske guda 100 a hannuna, kuɗina na biya lakadan.

Sagiru_FamSenta:
Au. To ni ban ma gane mene ne wilin ba. Wani ya fayyace mana.

Alhaji_Dawanau:
Yaro, bari in faɗa maka yadda ɗana ya fahimtar da ni. Ka ce masara tana dubu 54 a Dawanau. Wani mai sito yana tsoron faɗuwa, sai ya ba ka dubu ɗaya a kan kowane buhu, da sharaɗin in ya ga dama nan da wata guda za ka saye masa buhu 100 a dubu 50. Ka ajiye kuɗin buhu ɗarin a gefe, ba ka taɓa su. In masara ba ta faɗi ba, ka ci dubu ɗarinka. In ta faɗi zuwa dubu 35, zai kawo maka ita har ƙofar shago a dubu 50, ba ka da ta cewa. Da ta shigo sitonka sai ka juya, ka karɓi ɗan kuɗi a wurin wani da alkawarin za ka sayar masa a farashi kaza in ya so. In ya ɗauke, ka koma farko. Juyin ke nan. Nura yana wurin da masarar ta cika masa sito ne.

Hajiya_Balaraba:
Nura, kafin a yi maganar kol, ina da tambaya. Fut ɗin ƙarshe nawa aka biya ka, kuma nawa aka saba biyan ka?

Nura_Hotoro:
Hajiya, an saba ba ni dala 40. Na ƙarshen dala 90 ne.

Hajiya_Balaraba:
To ka ga inda labarin yake. Ba kyauta kasuwa ta yi maka ba da ta ninka kuɗin. Ranar rahoton riba ta faɗo cikin wa'adin kwantiragin, masu hannun jari suna neman kariya ido rufe, shi ya sa ta yi tsada. Duk lokacin da firimiyam ya kumbura haka kawai a kan kamfani ɗaya, a duba kalanda, yawanci akwai rahoto ko hukuncin kotu ko wata sanarwa a gaba.

Yanzu lissafi. Ka biya 25, ka taɓa karɓar 2.10 a kan kowane hannun jari, saboda haka kayan sun tsaya maka a 22.90. A farashin yau na 17 kana ƙasa da dala 590. In ka sayar da kol na 19 abu uku ne zai iya faruwa. Farashi ya tsaya ƙasa da 19, ka ci 45, kayan su koma tsaya maka a 22.45. Ko ya ci gaba da gangarawa zuwa 14, ka ci 45 ka ƙara rasa 300. Ko ya farfaɗo ya haura 19, a ƙwace kayan a 19, ka tashi da 19.45, asarar dala 345 ta tabbata. Kuma ko da 24 ya kai, 19 ɗin nan dai za a biya ka.

Na ukun nan shi ya fi ciwo, domin kamfanin da ya faɗi da ƙarfi a dare ɗaya yana iya tashi dala uku ko huɗu cikin mako. Ka sha faɗuwar gaba ɗayanta, tashin kuma ka sayar wa wani a senti 45.

Dan_Fagge88:
Da girmamawa Hajiya, kin tsorata shi da yawa. Ba a asara sai an sayar. Kuma ko farashi ya haura 19 ai sai ya yi rolin, ya tura kwantiragin gaba zuwa wata mai zuwa a sitirayik, wato farashin alkawari, mafi sama. Ni haka nake yi kullum, ba a taɓa ƙwace min kaya ba in ban so ba. Da ma tun farko ya yi rolin ɗin fut ɗin da ba a ɗora masa komai ba.

Hajiya_Balaraba:
Ɗan Fagge, rolin ciniki biyu ne da dillali ya haɗa maka a maɓalli ɗaya. Kana danna `Buy to Close` a kan tsohon, kana danna `Sell to Open` a kan sabon. In farashi ya ɗan tsallake sitirayik da senti 30 ko 50, gaskiyarka, ana iya turawa gaba har a samu rara. Amma fut na 25 lokacin da kaya suke 17, sai ka biya dala 8 da 'yan kai a kan kowane ɗaya kafin ka rufe shi, sama da dala 800. Sabon da za ka sayar a 25 ɗin dai zai ba ka kusan wannan kuɗin, ƙarin senti kaɗan, domin fut ɗin da ya nutse haka ba shi da sauran kuɗin lokaci a jikinsa. In ka ce za ka sauko da sitirayik zuwa 20, cike gurbin daga aljihunka ne. Asarar tana nan, suna kawai ta sauya. Sannan kwantiragin hannun jarin Amurka mai shi yana da damar zartar da shi kowace rana kafin wa'adi, ba sai ranar ƙarshe ba. Fut da ya nutse irin haka ana yawan wayar gari a ga an ɗora.

Dan_Fagge88:
Na yarda da na fut ɗin. Amma na kol ina nan a kan bakana, an fi samun sararin turawa.

UmmuKhalil_Kwari:
Ni ba 'yar wannan harka ba ce, atamfa da leshi nake sarowa a Kwari, amma bari in tambaya. Dala 2,500 in an ɗauki canji a 1,500 naira miliyan 3 da dubu 750 ke nan. Ka daskarar da su wata guda cur don ka samu dala 40, wato dubu 60? Ni in na juya wannan kuɗin gab da sallah na san abin da zan gani. Ina ribar take?

Nura_Hotoro:
Anti, kashi 1.6 ne a wata. In ya ɗore shekara ya haura kashi 19, kuma da dala. Naira ta tashi daga wajen 460 a tsakiyar 2023 ta wuce 1,500 a 2024. Wanda ya ajiye kuɗinsa a dala ko bai yi komai ba ya tsira.

UmmuKhalil_Kwari:
To wannan ai ribar riƙe dala ce, ba ta wili ba. Ko a Wapa ka saya ka sa a ƙarƙashin katifa za ka same ta. Kar ka haɗa su.

Injiniya_Sharada:
Ummu Khalil ta taɓo wurin. Kashi 19 ɗin nan lissafin shekarar da babu faɗuwa ko sau ɗaya ne a cikinta. Nura yana cin 40 a wata, faɗuwa ɗaya ta kwashe 800. Ladan wata 20 ke nan a dare ɗaya. Kuma ba sai ƙaramin kamfani ba. Intel ya zube kusan kashi 26 a ranar 2 ga Agusta 2024, daga wajen dala 29 zuwa 21 da rabi, ya kuma dakatar da raba riba. Meta ma ya yi irin wannan a Fabrairun 2022, kashi 26 a yini guda. Duk sunayen da ake cewa "ai wannan ko an ɗora min ba damuwa" ne.

Abin da ya fi damuna da wili shi ne ɗaure jari a wuri guda. Kwantiragi ɗaya hannun jari 100 ne, babu rabi, babu kwata. Mai dala 3,000 kamfani ɗaya tak zai iya juyawa, kuma dole mai araha. Masu arahar da ke biyan firimiyam mai kauri kuwa yawanci su ne masu rawar kai. Ƙarancin jari da kansa ke tura mutum wurin mafi haɗari.

Abba_BUK:
To me zai hana a yi a kan `SPY`, asusun da ke bin ma'aunin S&P 500? Kamfani 500 ba za su fitar da mummunan rahoto rana ɗaya ba.

Injiniya_Sharada:
Ƙanena, tun 2024 guda ɗaya ya haura dala 500. Kwantiragi ɗaya sai ka ajiye sama da dala 50,000. In kana da su bismillah. Kuma ko shi ɗin, daga 19 ga Fabrairu zuwa 23 ga Maris 2020 ma'aunin ya sauka kusan kashi 34. Ya dawo kafin ƙarshen Agusta, amma wanda aka ɗora wa a sama, ya bi ya sayar da kol a ƙasa a watan Afrilu don ya rage zafi, an ƙwace masa kaya a tsakiyar tashin. Daidai ramin da Hajiya take nuna wa Nura.

Malam_Tijjani_Gwale:
Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri zan karkatar da zancen. Kuna ta lissafin riba da asara, babu wanda ya tambayi hukuncin abin. Majalisar Fiƙihu ta ƙasa da ƙasa da ke ƙarƙashin ƙungiyar OIC ta zauna a Jidda a 1992, ta yanke cewa kwantiragin zaɓi, wato fut da kol, irin wanda ake yi a kasuwannin kuɗi bai halatta ba. Dalilinsu shi ne abin da ake sayarwa ba dukiya ba ne, ba amfani ba ne, ba kuma haƙƙin da ake karɓar musaya a kansa ba ne. Firimiyam ɗin kuɗin alkawari ne zalla. Ni ba fatawa nake bayarwa ba, amma ya kamata mai shiga ya sani.

Abba_BUK:
Allah ya gafarta Malam, ba kamar kafin alƙalami ba ne? Mutum ya ba da wani abu a riƙe masa kaya, in ya fasa ya bar kuɗin. Na ji Hambaliyya sun halatta. Kol ɗin da kayan suke hannunka ai kusan haka ne.

Malam_Tijjani_Gwale:
Hambaliyya sun halatta, Malikiyya da muke bi a nan sun hana irin wanda ake cinye kuɗin in an fasa. Amma ko a wurin masu halattawa, kafin alƙalami ana cire shi daga kuɗin kaya in ciniki ya faɗa. Firimiyam ba a cire shi, daban yake, kuma ana sayar da takardar daga hannu zuwa hannu. Akwai malaman zamani da suka yi ƙoƙarin gina wani abu a kan wa'adi, amma ba wannan na allon dillali ba ne. Kowa ya je ya zauna da malaminsa.

Dan_Fagge88:
Malam an ji. Mu dai bar wannan ga masu shi, kar zaure ya watse kamar na kirifto wancan karon.

Sagiru_FamSenta:
Ni tambayata daban. Manhajar da nake sayen hannun jarin Amurka da ita ban ga wurin fut da kol ba. Ko a kasuwar Legas ake yi?

Injiniya_Sharada:
Galibin manhajojin da ake sa wa naira saye da sayarwa kawai suke bayarwa. Sai ka buɗe asusu da dillalin waje, ka cike takardar haraji ta `W-8BEN`, ka nemi izinin cinikin zaɓi daban, su tambaye ka gogewarka da ƙarfin aljihunka. Kasuwar Legas, wato NGX, ta fara kasuwar kwantiragi a 2022, amma na ma'aunin kasuwa ne da ake cikawa nan gaba, ba fut da kol na kamfani ɗai-ɗai da za ka juya wili da su ba. In ka shiga kuma ka kiyayi asusun majin, wato na bashin dillali. A can dillali zai bar ka ka sayar da fut uku da kuɗin ɗaya. Ranar da aka ɗora duka ukun, shi zai sayar maka da kaya a farashin da ya samu ba tare da ya jira ka ba.

Hajiya_Balaraba:
Bari in dawo da mu kan Nura. Akwai abin da masu tallan wili ba sa faɗa. Sayar da fut a 25 da kuɗi a ajiye, da riƙe hannun jari 100 ka sayar da kol a 25, kusan abu ɗaya ne ta fuskar riba da asara. A duka biyun sama a toshe take, ƙasa a buɗe har sifili. Saboda haka lokacin da aka ɗora maka ba wani mataki na tsira ka shiga ba. Haɗarin da kake ɗauke da shi tun ranar farko ne ya fito fili.

Tambayar da zan yi maka ita ce: in yau dala 1,700 ce a hannunka tsaba, ka karanta rahoton nan da ya kayar da su, za ka sayi kamfanin a 17? Ka manta da 25, kasuwa ba ta san da ita ba. In amsar a'a ce, ka sayar, ka karɓi asarar 590, kuɗinka su kuɓuta. In amsar e ce, to kana sa ran tashi ne, kuma mai sa ran tashi ba ya toshe kansa a 19. Sai ka duba sitirayik 23, wanda ya haura inda kayan suka tsaya maka, ko da wata biyu ne gaba.

Nura_Hotoro:
Na duba. Na 23 mai wata biyu ana taya senti 12, ana sallamawa a 20.

Hajiya_Balaraba:
To ka ga, dala 12 zuwa 15 a wata biyu a kan kayan dala 1,700, kafin a cire kuɗin dillali. Kusan babu. Daga 17 zuwa 22.90 kuma sai farashi ya tashi kusan kashi 35. Wannan ce maƙalewar da kake ji. Wilin ya daina biya, ka koma mai riƙe hannun jari kawai, a kamfanin da wataƙila don firimiyam ɗinsa ka zaɓe shi.

Dan_Fagge88:
Ni har yanzu 19 ɗin nake gani. Giɓin 5.90 ne. Senti 45 duk wata, wata 13 ya cike. Sannu ba ta hana zuwa.

Injiniya_Sharada:
Wata 13 da farashi zai zauna tsakanin 17 da 19 bai motsa ba? Kamfanin da ya yi tsallen dala 8 a dare ɗaya? Kuma akwai rahoton riba huɗu a cikin wata 13 ɗin. Sannan 45 ɗin yau da sauran zafin faɗuwar a jikinsa, in ƙura ta lafa zai iya komawa 20.

Dan_Fagge88:
Sai ya riƙa tsallake watannin rahoto. Ya zaɓi delta 0.15 maimakon 0.30, wato sitirayik mai nisa da farashi, ya rufe da wuri in ya ci rabi. Ba cewa na yi babu haɗari ba, amma zama da kaya babu ko sisi yana shigowa ma ai zaɓi ne mai tsada.

Bashir_KofarRuwa:
Ni abin da nake yi yanzu daban ne. In na sayar da fut a 25 na karɓi senti 40, sai in sayi wani a 22 da senti 15 misali. Abin da ya rage min 25 ne kacal, amma dillali dala 300 yake riƙewa maimakon 2,500, kuma ko kamfanin ya rushe asarata ba ta wuce 275. A irin faɗuwar Nura da 275 zan rasa ba 800 ba.

Hajiya_Balaraba:
Haka ne Bashir, amma wannan ya fita daga wili, tunda ba ka da niyyar karɓar kayan. Kuma asara ɗaya ta 275 tana cinye nasara 11 na dala 25. Mutane kuma in suka ga 300 kawai ake riƙewa sai su buɗe takwas da 2,500 ɗin, faɗuwa ɗaya ta share asusun. Ka kuma lura da ranar ƙarshe: in farashi ya rufe tsakanin 22 da 25, na saman zai zartu, na ƙasan ya mutu, ka wayi gari da kaya 100 da ba ka da kuɗinsu. Ko da senti ɗaya farashi ya tsallake sitirayik ana zartar da kwantiragin kai tsaye.

Bashir_KofarRuwa:
Shi ya sa nake rufewa tun Alhamis. Juma'a kasuwarsu tana tashi ƙarfe 9 na dare agogonmu, lokacin sanyi ƙarfe 10, ga wuta ga netwok, ba na yarda in kai wannan lokacin.

Alhaji_Dawanau:
Nura, kamfanin naka yana raba riba? In yana rabawa ai ko zaman jiran ba a banza yake ba.

Nura_Hotoro:
Yana rabawa Alhaji, senti 12 duk wata uku. Zuwa yanzu dai ba su ce sun dakatar ba.

Injiniya_Sharada:
Dala 12 ke nan, Amurka ta cire kashi 30 tunda babu yarjejeniyar haraji tsakaninta da Najeriya, ya rage 8.40. Kuma in ka sayar da kol na 19 farashi ya haura shi gab da ranar yanke masu cin ribar, mai kol ɗin yana iya ɗauke kayan kwana ɗaya kafin ranar don ya ci ribar shi. Ka duba ranar kafin ka zaɓi wa'adi.

Nura_Hotoro:
Na duba, ranar tana faɗowa mako guda kafin wa'adin kol ɗin 19. Tambayar Hajiya kuma tun ɗazu nake juya ta. Bashin kamfanin ya ƙaru, cinikinsu ya ragu, amma ban ga alamar rushewa ba. Da za a iya raba kayan da na sayar da 50 na riƙe 50, sai dai in na yi haka babu sauran kol.

Dan_Fagge88:
Sayar da na 20 mai mako biyu, ya mutu kafin ranar ribar. Nawa ake tayawa?

Nura_Hotoro:
Senti 10.

UmmuKhalil_Kwari:
Dala 10. Dubu 15 ke nan fa, a kan kayan miliyan biyu da rabi.

Abba_BUK:
Hajiya Balaraba, ke da kanki kina juya wilin ko kin daina? Kuma in kina yi, kashi nawa na jarinki kike yarda kamfani ɗaya ya ɗaure?

Hajiya_Balaraba:
Ina yi jefi-jefi, a kan kamfanonin da da ma nake son saya, kuma ba na barin ɗaya ya wuce kashi 10. Da wannan ƙa'idar, fut na dala 25 sai mai asusun dala 25,000. Injiniya zai ce ko goman ta yi yawa.

Injiniya_Sharada:
Ta yi yawa. Ni biyar.